Daga "Mai Inganci" Zuwa Abin Da Ake Iya Aunawa: Yadda Ake Gyara Takardar Sayen Kaya

A ɗauka wata ƙaramar hukuma tana so ta sa fitilun sola guda 200 a titunan garinta. Sashen ayyuka ya rubuta takardar da za a ba 'yan kwangila, wadda ke bayyana irin kayan da ake nema. Ga abin da ta ƙunsa: "A kawo fitilu masu inganci, masu haske sosai, da batir mai ɗorewa, da farantin sola mai kyau, da falwaya mai ƙarfi wadda ba ta tsatsa. Fitilun su jure ruwa da ƙura. Ɗan kwangila ya riƙa gyara cikin gaggawa idan an samu matsala."

Duk wanda ya karanta zai ce ai an faɗi komai. Amma ranar da kaya suka iso sito, jami'in da zai karɓa ya tsaya da takardar a hannunsa, ba shi da jumla ko ɗaya da zai dogara da ita ya ce a mayar. Idan ya ce hasken bai isa ba, ɗan kwangila zai ce a wurinsa ya isa. Idan batir ya fara mutuwa da ƙarfe biyu na dare bayan wata huɗu, ɗan kwangila zai tambaya a nuna masa inda aka rubuta awa nawa ne ɗorewa. Kuma yana da gaskiya, domin ba a rubuta ba.

Matsalar ta fara tun kafin isowar kaya. A Nijeriya, Dokar Sayen Kayayyakin Gwamnati ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP, ta ɗora bayar da kwangilar kaya da ayyuka a kan tayin da ya fi araha a cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Wato sharuɗɗa ne rariya, farashi yana zuwa daga baya. Idan sharaɗin shi ne "mai inganci", kowa ya cika shi. Mai kawo batir na gaske zai sa farashin batir na gaske, mai kawo kwanko mai rabin ƙarfi zai sa rabin kuɗi, shi ne kuma zai ci kwangilar bisa ƙa'ida. Takarda mai kalmomin yabo tana korar ɗan kwangila na kirki ne, ta buɗe wa mai ha'inci ƙofa, ko da babu wanda ya karɓi ko sisi a bayan fage.

Tambaya ɗaya da ake yi wa kowace jumla

Masu gyaran irin waɗannan takardu suna bin su jumla bayan jumla da tambaya guda: idan aka ba mutum biyu da ba su san juna ba wannan jumla, aka ba su kayan da abin awo, za su yanke hukunci iri ɗaya? Idan ɗaya zai iya cewa "ya ci" ɗayan ya ce "ya faɗi", kuma dukansu ba su yi ƙarya ba, to jumlar fata ce, ba sharaɗi ba. Injiniyoyi sun daɗe da mayar da wannan ƙa'ida a rubuce. Ma'aunin duniya mai lamba ISO/IEC/IEEE 29148, wanda ya shafi rubuta buƙatun na'urori da manhajoji, ya lissafa cikin siffofin sharaɗi mai kyau cewa ya kasance ana iya tabbatar da shi, ya zama ba shi da fassara biyu, kuma ya ɗauki buƙata guda ɗaya tak.

Ba wani baƙon abu ba ne a wurinmu. Babu wanda ke kai wa tela shadda ya ce "ɗinka mini riga mai kyau" ya juya ya tafi. Ana awon tsayi da kafaɗa da hannu, a rubuta a littafi, a sa rana. Ranar karɓa, in hannu ya gaza, littafin ne ke raba gardama.

Sharaɗin da ake iya gwadawa yana da sassa biyar. Na farko, abin da ake aunawa. Na biyu, adadin da ba za a gaza ba ko ba za a wuce ba, tare da ma'auninsa. Na uku, yanayin da za a yi awon a cikinsa. Na huɗu, hanyar awon da na'urar da za a yi amfani da ita. Na biyar, wanda zai yi awon da abin da zai biyo baya idan kayan suka faɗi. Yawancin takardun da aka ce an gyara suna tsayawa ne a na biyu: a sa lamba, a manta da yanayi da hanya, sai gardamar ta tashi daga "meye inganci" ta koma "ta yaya ka auna".

Matakin farko na aikin shi ne a ɗauki jan biro a ja layi ƙarƙashin kowace kalmar yabo ko kimantawa: mai inganci, mai kyau, sosai, isasshe, na zamani, mai ɗorewa, cikin gaggawa, gwargwadon iko, idan ya yiwu, da sauransu. Na biyu shi ne a raba jumlolin da suka haɗa abubuwa da yawa. "Su jure ruwa da ƙura" buƙatu biyu ne, kuma fitila tana iya cin ɗaya ta faɗi ɗaya. Na uku, a ba kowane sharaɗi lambarsa, domin ranar karɓa a iya cewa "sharaɗi na 4 bai cika ba" maimakon "kayan ba su yi mana ba". Daga nan sai babban aikin: a tambayi mai buƙata abin da yake nufi da kowace kalma da aka ja wa layi.

"Masu haske sosai"

Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce a sa wat: "fitila mai wat 100". Wannan lamba ce, amma ba ta haske ba ce. Wat yana faɗin wutar da fitila ke ci. Ƙari a kan haka, kasuwa ta cika da fitilun sola da aka buga wa 300W ko 1000W a jikin kwali alhali abin da suke ja bai kai kusa da haka ba. Wanda ya rubuta wat kaɗai ya sayi rubutun kwali.

Abin da mutanen unguwa ke buƙata shi ne hasken da ke sauka a kan titi, shi kuma ana auna shi da luks, ta hanyar wata 'yar na'ura da ake riƙewa a hannu. Ma'aunin hasken tituna na Turai, EN 13201, yana da aji na hanyoyin masu tafiya a ƙasa da ababan hawa marasa gudu wanda ke neman matsakaicin luks 10, kuma kada wani wuri ya gaza luks 2. Wannan ya dace da titin cikin unguwa. Sai a rubuta:

"Sharaɗi na 1. Bayan an kafa fitilun a tsayin mita 6, da tazarar mita 25 tsakanin falwaya da falwaya, a titi mai faɗin mita 7, matsakaicin haske a ƙasa kada ya gaza luks 10, kuma kada ko ɗaya daga wuraren awo ya gaza luks 2. Za a auna a wurare tara tsakanin falwayoyi biyu: layi uku a tsawon titi, kowane layi da wuri uku, wato gefe da tsakiya da ɗaya gefen. Za a yi awon awa biyu bayan fitilun sun kama, a gaban wakilin hukuma da na ɗan kwangila."

Kowane yanki na wannan sharaɗi yana toshe wata kafa. Da ba a faɗi wuraren awo ba, ɗan kwangila zai ɗora na'urar a gindin falwaya, inda haske ya fi yawa. Da ba a faɗi mafi ƙanƙantar haske ba, za a iya samun titi mai fari fat a ƙarƙashin kowace fitila da duhu a tsakaninsu, matsakaicin kuma ya fito daidai. Da ba a faɗi lokaci ba, za a auna da magariba, sa'ar da batir ke cike kuma sama ba ta gama duhu ba. A inda akwai hasken shaguna ko na gidaje, sai a fara auna wurin da fitilun a kashe, a cire abin da aka samu daga sakamakon.

Akwai wata kafa kuma. Fitilun sola da yawa suna rage haskensu da kansu idan batir ya yi ƙasa, ta yadda da asuba za ka ga fitila "a kunne" amma ba ta haska komai. Don haka ana buƙatar sharaɗi na biyu, daban: "Fitila za ta yi awa 5 na farko da cikakken haske, awa 7 na gaba da rabinsa. Da ƙarfe huɗu na asuba, matsakaicin haske a wuraren awo tara kada ya gaza luks 5."

"Batir mai ɗorewa"

A nan ne aka fi cin kuɗin jama'a, domin batir ɓoye yake a cikin akwati kuma yana daga cikin mafi tsadar sassan fitila. Kalmar "ɗorewa" ta haɗa abubuwa biyu da dole a raba su: dare nawa batir zai riƙe fitila in babu rana, da kuma shekara nawa zai yi kafin ya mutu.

Na farko lissafi ne mai sauƙi. A ce fitilar da za ta ba da hasken da aka nema tana cin wat 40. Awa 5 da cikakken ƙarfi, wat-awa 200 ke nan. Awa 7 da rabin ƙarfi, wato wat 20, ya ba da wat-awa 140. Jimillar dare ɗaya wat-awa 340. Idan ana so fitila ta kwana biyu ko da hadari ya rufe rana, kamar yadda ake gani a watan Agusta, ana buƙatar wat-awa 680. Ba a son a riƙa zuƙe batir har ƙarshe, sai a bar masa kashi 20 cikin ɗari. Idan 680 shi ne kashi 80, cikakken batirin wat-awa 850 ne. A jikin batir irin wanda ake rubuta wa LiFePO4, abin da zai yi daidai da wannan shi ne mai ɗauke da 12.8V 70Ah, wanda ya ba da wat-awa 896.

Amma rubutun jikin batir shi ma rubutu ne. Sharaɗin sai ya zo da gwajinsa: "Sharaɗi na 3. Batir, bayan an cika shi, ya ba da wat-awa 850 ko fiye kafin ya yanke. Za a cire shi daga fitila, a ɗora masa lodin wat 40 ba yankewa, ya yi aƙalla awa 21 da minti 15." Wannan lokacin ya fito ne daga raba 850 da 40. Idan batir ya yanke bayan awa 9, abin da ke cikinsa wat-awa 360 ne: yana sabo zai kai dare ɗaya da ƙyar, in ya ɗan kwana biyu kuma unguwa za ta riƙa shiga duhu kafin kiran sallar asuba.

Wani zai ce me ya sa ba za a rufe farantin sola da buhu ba, a bar fitilar ta kwana biyu a gani? Dalili shi ne na'urar da ke sarrafa fitilar tana gane dare ne ta hanyar farantin. Da zarar an rufe shi, sai ta ɗauka dare ya yi, ta kunna fitila da rana tsaka, lissafin awoyi ya rikice. Irin wannan ne ke sa a riƙa tattauna hanyar gwaji da ma'aikacin lantarki tun lokacin rubutu, kafin a buga takarda.

Shekarun batir kuwa ba a iya gwada su ranar karɓar kaya. Babu wanda zai jira a cika batir a zuƙe shi sau 2,000 kafin a biya kuɗi. A nan ana dogara da abu biyu. Na ɗaya, rahoton gwaji daga ɗakin gwaji mai takardar amincewa ta ISO/IEC 17025, wanda ke ɗauke da lambar samfurin batirin da aka kawo, ba na wani ɗan'uwansa ba. Na biyu, garanti mai lamba: "Idan cikin wata 24 daga ranar karɓa aka maimaita gwajin sharaɗi na 3, batir ya ba da ƙasa da wat-awa 680, ɗan kwangila zai canza shi da kuɗinsa."

Faranti, ruwa da ƙura, da falwaya

Girman farantin sola shi ma daga wancan 340 yake fitowa. Idan aka yi lissafi da awa huɗu da rabi na cikakkiyar rana a lokacin damina, aka kuma ɗauka kashi 70 cikin ɗari ne ke isa batir bayan asarar zafi da ƙura da wayoyi, ana buƙatar wat 108 don biyan dare ɗaya kawai. Domin batir ya sake cika bayan ranakun hadari, sai a nemi wat 150, tare da shaidar cewa samfurin ya ci gwajin IEC 61215. Akwai kuma awon da kowa zai iya yi da tef. Farantan da ke kasuwa a yau suna ba da kimanin wat 200 a kowace murabba'in mita. Faranti mai wat 150 dole ya kai kusan kashi uku cikin huɗu na murabba'in mita. In aka kawo wanda tsawonsa santimita 60 ne, faɗinsa 50, ko me aka rubuta a bayansa, wat 60 ne ko kusa da haka.

"Su jure ruwa da ƙura" ba ya buƙatar a ƙirƙiro masa gwaji, domin an riga an yi. Ma'aunin IEC 60529 shi ne tushen lambobin da ake gani a jikin kayan lantarki, irin su IP65. Lambar farko ta ƙura ce: 6 na nufin ƙura ba ta shiga ko kaɗan. Ta biyu ta ruwa ce: 5 na nufin kayan sun jure feshin ruwa daga kowace fuska, lita 12.5 a minti ɗaya, na aƙalla minti uku. A ƙasar da hunturu ke turnuƙe ta da ƙura watanni, damina kuma ta zo da iska, lambobin biyu duka suna da aiki. Abin lura shi ne a faɗi sassan da sharaɗin ya shafa ɗaya bayan ɗaya: kan fitila, akwatin batir, da akwatin na'urar sarrafawa. In an ce "fitila" kawai, ruwa zai iya shiga akwatin batir, ɗan kwangila ya ce ba shi aka ambata ba.

"Falwaya mai ƙarfi wadda ba ta tsatsa" takan koma sharaɗi biyu. Kaurin ƙarfen bututun kada ya gaza milimita 3, a auna da kalifa a gindi da sama. Sannan a tsoma falwayar cikin narkakken zinki bisa ma'aunin ISO 1461, wanda ga ƙarfe mai wannan kauri yake neman matsakaicin rufin maikiron 55. Ha'incin da aka saba shi ne a fesa wa baƙin ƙarfe fenti mai ruwan azurfa. Gane shi ba wuya: falwayar da aka tsoma tana da rufin zinki ciki da waje, fenti kuwa a waje kawai yake. Sai a rubuta a takarda cewa za a haska cikin bututun da tocila kafin a kafa shi.

"Gyara cikin gaggawa" kuma ya zama: "Ɗan kwangila zai mayar da duk fitilar da ta lalace bakin aiki cikin awa 72 daga lokacin da aka aika masa sanarwa a rubuce. Hukuma za ta riƙe kashi 5 cikin ɗari na kuɗin kwangila har ƙarshen wata 24, kuma za a cire adadin da aka ƙayyade a kan kowace rana ta jinkiri." Ba tare da an faɗi lokacin da agogo ke fara bugawa ba, awa 72 ɗin ma ba su da mafari.

Guda nawa za a gwada, kuma wa zai zaɓa

Ba za a yi wa batir 200 gwajin awa 21 ba. Ana ɗaukar samfur, kuma ƙa'idar ɗaukarsa dole ta kasance a cikin takarda tun farko. Misali: wakilin hukuma zai zaɓi guda 10 ta hanyar ƙuri'a daga lambobin jikin kayan, bayan duk 200 sun shiga sito. Idan duka suka ci, an karɓa. Idan ɗaya ya faɗi, a ƙara zaɓar 20, kuma in aka sake samun ko ɗaya, a mayar da kayan gaba ɗaya. Idan biyu ko fiye suka faɗi a zagayen farko, babu zagaye na biyu. Manyan masu saye sukan ɗauko irin wannan tsari daga jadawalin ISO 2859-1, amma ko wanda aka tsara da hannu ya fi babu, muddin an rubuta shi.

Abu biyu ne ke ba samfur daraja: mai saye ne ke zaɓa, kuma sai kaya sun cika ake zaɓa. Idan ɗan kwangila ne ya miƙo "ga guda goma ku gwada", abin da aka gwada shi ne goman da ya tanada. A kuma rubuta wanda zai biya kuɗin gwajin, da wanda zai biya na maimaitawa idan an faɗi.

Hanyoyin tabbatarwa ba iri ɗaya ba ne, kuma ana so a rubuta wa kowane sharaɗi tasa a gefensa. Wani dubawa kawai yake buƙata, kamar cikin bututu. Wani sai da na'ura, kamar luks da batir. Wani a nuna shi yana aiki, kamar fitila ta kama da kanta da magariba ta mutu da safe. Wani kuma lissafi ne ko takardar ɗakin gwaji. Duk sharaɗin da aka rasa abin rubutawa a gefensa, ko dai a sake shi ko a cire shi.

Inda gyaran kansa ke ɓacewa

Lamba ma tana iya zama ɓarna. Kuskure na farko shi ne lambar da ba ta da asali. Wani zai ga cewa ana son adadi, sai ya rubuta luks 50 da dare biyar, don a ga ya tsaurara. Sakamakon shi ne farashi ya ninka, ko kuma kowa ya yi alkawarin abin da ba zai kawo ba, mai gaskiya ya janye. Kowace lamba ta iya amsa tambayar "daga ina kika fito?" kamar yadda 850 ta fito daga 340.

Na biyu shi ne kwafo takardar bayanin kayan wani kamfani. Lambobi za su cika shafi, amma kamfani ɗaya ne a duniya ke da fitila mai wannan tsawo da wannan nauyi daidai. Wannan ba da kwangila ne tun kafin a buɗe tayi. Dokar koyi ta sayen kayan gwamnati da hukumar UNCITRAL ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2011 ta nemi a bayyana kaya ta fuskar aikinsu, kada a ambaci sunan kamfani ko tambari sai in babu wata hanyar bayani, kuma ko an ambata a ƙara da cewa za a karɓi makamancinsa. Shi ma "makamancinsa" yana iya zama kalmar gardama, sai an faɗi ta wace fuska: haske, ƙarfin batir, ko lambar kariya daga ruwa. Shi ya sa ake rubuta "kada ya gaza" ko "kada ya wuce" maimakon adadi guda cak.

Na uku shi ne cin karo tsakanin sakamako da kayan haɗi. Idan takarda ta ce fitila ta zama wat 40 daidai, ta kuma ce a samu luks 10, sai aka kawo wat 40 amma luks 8 ya fito, laifin wa? Ɗan kwangila zai ce ya bi abin da aka tsara masa. Mafita ita ce a bayyana wanda ke gaba: haske da awoyi su ne hukunci, girman batir da faranti kuma mafi ƙanƙantar abin da za a karɓa ne. Wanda fitilarsa ke cin fiye da wat 40 sai ya ƙara batir da faranti bisa lissafin da aka nuna, ya haɗo lissafin da tayinsa.

Na huɗu shi ne gwajin da babu mai iya yi. Ƙaramar hukumar da ba ta da na'urar awon luks, ba ta kuma tanadi kuɗin hayar mai ita ba, ta rubuta sharaɗi na 1 a banza, kuma 'yan kwangila suna saurin gane sharaɗin da ba a taɓa gwadawa. Sharaɗi goma sha biyu da za a gwada duka sun fi sittin da za su kwana a fayil.

Akwai kuma abubuwan da lamba ba ta kama su da kyau, kamar kyan walda ko launin fenti. Ga waɗannan, ana neman ɗan kwangila ya kawo samfur ɗaya kafin ya fara kawo sauran. A duba shi, ɓangarorin biyu su sa masa hannu, a kulle shi a sito. Daga ranar, sharaɗin ya zama "daidai da samfurin da aka sa wa hannu".

Kafin a buga takarda

Duk wannan aiki lokacinsa kafin a tallata kwangila ne. Bayan an buɗe tayi, ba a ƙirƙiro sabon ma'auni don a kayar da wani ko a tsallakar da wani. Idan aka gano giɓi bayan an tallata amma ba a rufe karɓar tayi ba, sai a fitar da gyara a rubuce, a aika wa duk waɗanda suka karɓi takardar a lokaci ɗaya, a ƙara musu wa'adi in gyaran babba ne.

Hanya mafi sauƙi ta gane ko takarda ta nuna ita ce a zana fom ɗin karɓar kaya daga cikinta tun yanzu: shafi mai layuka, kowane layi da lambar sharaɗi, da adadin da ake nema, da gurbin abin da aka auna, da gurbin "ya ci" ko "ya faɗi". Sai a miƙa fom ɗin ga jami'in sito da ma'aikacin lantarkin da za su yi aikin ranar, waɗanda ba su halarci zaman rubutun ba. Duk layin da ɗayansu ya tsaya a kai ya ce "ranka ya daɗe, wannan ta yaya zan auna shi?" ya koma teburin marubuci. Idan fom ɗin ya wuce ba tambaya, a liƙa shi a bayan takardar kwangila, a kuma rubuta cewa ba za a saki kuɗin kaya ba sai an cike shi an sa hannu. Ɗan kwangilar da ya ga fom ɗin tun ranar da ya karɓi takarda ya san batirin da zai yi wa farashi.